Gwajin sabon mai kula da sitonmu ya zo ƙarshe: a tabbatar da shi ko a ƙara masa wata uku?

Manajan Depo: Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema, musamman daga waɗanda suka taɓa riƙe ma'aikata. Ni ne manaja a wani depo na kayan masarufi a nan Kano, muna sayar da taliya, sabulu, madara, sukari da man girki ga 'yan sari. Mu 22 ne ma'aikata. Mun ɗauki wani matashi a matsayin mai kula da sito, takardar ɗaukarsa ta ce gwaji na wata uku a kan albashin ₦90,000, in an tabbatar da shi ya koma ₦120,000. Wata ukun za su cika ranar Juma'ar mako mai zuwa, kuma ni zan rubuta wa mai kamfani abin da na gani.

Yaron ba ya makara, ba ya rigima da 'yan dako, kuma ba wanda ya taɓa kawo mini ƙararsa a kan kuɗi. Matsalar ita ce ƙirgar ƙarshen wata. Watan farko an sami giɓin katan 14 tsakanin abin da ke kwamfuta da abin da ke ƙasa, wata na biyu 9, na uku 6. Sannan ya taɓa sakin kaya ga direba ba tare da webil, wato takardar fitar da kaya, mai sa hannu ba. Oga ya ce kawai a ƙara masa wata uku mu gani. Ni kuma zuciyata ta rabu biyu. Me kuke gani?

Ɗan Singa: Wa alaikumus salam. Malam, ai maganar a fili take. Sito amana ne. Wanda kaya ke ɓacewa a hannunsa wata uku a jere, ƙarin wata ukun ma alfarma aka yi masa. Bi maganar ogan ka huta.

Maman Ilham: Wa alaikumus salam. Kafin kowa ya yanke hukunci, Malam Manaja, ina da tambayoyi. Ranar da aka damƙa masa makullin sito, an yi ƙirga a gabansa ya sa hannu a kan abin da ya karɓa? Wa ya koya masa aikin? Katan nawa ke shiga da fita a wata? Kuma a cikin wata ukun nan, an taɓa zaunar da shi an faɗa masa cewa giɓin nan na iya hana a tabbatar da shi?

Manajan Depo: Hajiya, ba a yi ƙirgar miƙa sito ba. Wanda yake wurin a da shi ne zai koya masa, to ya sami wani aiki ya tafi a mako na uku. Shigar kwamfutar ma sai a mako na biyar aka buɗe masa nasa, kafin nan a littafi yake rubutawa akawu ya shigar daga baya. Kayan da ke wucewa ta hannunsa a wata sun kai katan 4,000. Maganar giɓi kuwa ana yi masa da baki duk ƙarshen wata, amma ba a rubuce ba.

Maman Ilham: To ka ga ni a wajena katan 14 ɗin nan na watan farko ka fitar da su daga lissafinsa gaba ɗaya. In ba a ƙirga kaya ranar da ya karɓa ba, ba wanda zai iya rantsuwa cewa a hannunsa suka ɓata. Zai yiwu giɓin ya riga shi zuwa, ƙirgarsa ta farko ce kawai ta tono shi. Ga kuma mako biyar da wani ne ke shigar masa da lissafi. Na shafe shekaru ina kula da sashen ma'aikata a wata masana'anta, kuma abin da na fi gani shi ne haka: a ƙarshen gwaji ana ɗora wa sabon ma'aikaci har da ɓarnar da ya tarar.

Abin da ya rage shi ne 9 da 6. Su ma kada ka kai wa oga su a dunƙule. Ka ɗauki takardun watan nan ka bi katan shidan ɗaya bayan ɗaya. Giɓin sito iri-iri ne, kuma kowane da maganinsa. Akwai kayan da suna nan a ƙasa ba a shigar ba, ko an shigar da su a kan wani sunan, misali taliya mai siriri a rubuta ta a layin mai kauri, sai wannan ya nuna ƙari wancan ya nuna ragi. Akwai webil ɗin da ya kwana a aljihun direba aka shigar da shi bayan an rufe wata. Sai kuma kayan da suka fita da gaske ba takarda. Na farko da na biyu koyarwa suke so. Na ukun ne ke sa a fara tambayar amana.

Abban Sadik: Don Allah aikin nan har yanzu ana ɗauka? Ina da ƙane ya gama difloma a kan lissafin kuɗi, yana zaune a gida. In za a cire wancan ɗin a taimaka.

Ɗan Singa: Ka ji ka! Ana maganar yadda za a yi da mai rai, kai ka zo rabon gado.

Abban Sadik: Afuwan, na ɗauka sallamarsa za a yi.

Tsohon Akawu: Ni abin da na sani, ma'aikacin da ke kan gwaji ba shi da wani haƙƙi a doka. Kana iya ce masa gobe kada ya zo, ba notis ba komai, fansho ma ba a fara cire masa sai an tabbatar da shi. Saboda haka ƙara wata uku ba ya cutar da kamfani da komai. In ma kun yi shiru kun bar shi yana zuwa, yana nan a matsayin ɗan gwaji har ranar da kuka ba shi takarda.

Barista: Ranka ya daɗe Tsohon Akawu, akwai gaskiya a gefe ɗaya na maganarka: sallamar ɗan gwaji ta fi sauƙi, kotuna sun daɗe suna cewa lokacin gwaji na mai aiki ne ya duba ko mutumin ya dace. Amma sauran maganar akwai gyara.

Dokar Ƙwadago ta Najeriya ba ta ware wani babi na gwaji ba, ba ta ce wata uku ba, ba ta ce shida ba. Abin da ke cikin takardar ɗaukar aiki shi ne abin da za a kama ku da shi. Notis kuwa sashe na 11 ya tsara shi ne bisa tsawon zaman mutum a aiki: wanda bai wuce wata uku ba, kwana ɗaya, wanda ya haura wata uku bai kai shekara biyu ba, mako ɗaya, kuma a rubuce. Wannan shi ne mafi ƙaranci, in takardarku ta yi alkawarin fiye da haka, ita za a bi. Ma'ana ranar da yaron nan ya shiga wata na huɗu, ko da sunan ƙarin gwaji ne, notis ɗinsa ya zama aƙalla mako guda ko kuɗin mako guda.

Fansho kuma, dokar 2014 ta hau kan kamfanin da ke da ma'aikata 15 zuwa sama, mai aiki ya sa kashi 10, ma'aikaci kashi 8. Ba ta ce a jira takardar tabbatarwa ba. Ku 22 ne, don haka Malam Manaja ka leƙa wajen akawunku a kan wannan.

Inda na fi so a kula shi ne maganar yin shiru. A 1991 Kotun Ɗaukaka Ƙara, a shari'ar Jami'ar Obafemi Awolowo da Onabanjo, ta ɗauki barin ma'aikaci ya ci gaba da aiki ana biyansa bayan wa'adin gwajinsa ya cika a matsayin an amince da shi, ko da ba a ba shi takarda ba. Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, wadda ita ke sauraren irin waɗannan ƙararraki yanzu, ta sha bin wannan hanyar. Ba kowace shari'a ce ta ƙare haka ba, lafazin takarda na iya canza sakamako. Amma ba zan ba kowa shawarar ya gwada sa'arsa ba. In za ku ƙara, takardar ƙarin ta isa hannunsa kafin Juma'ar nan ta wuce.

Malam Manaja, kawo mini ainihin abin da takardarsa ta ce a kan ƙari.

Manajan Depo: Barista, ta ce kamfani na iya tsawaita lokacin gwaji idan aikin ma'aikaci bai gamsar ba. Ba ta faɗi sau nawa ko tsawon wane lokaci ba.

Barista: To kuna da hurumin ƙarawa. Da ba ta ambata ba, da sai da yardarsa a rubuce, don canza sharaɗin kwantiragi ne. Sai dai kalmar "bai gamsar ba" ɗin nan ku ne za ku nuna ta in magana ta tashi, kuma ka ce duk jan kunnen da baki aka yi. Ba na cewa ba za ku iya ba, ina cewa a rubuta dalilin a fili, kuma kada ƙarin ya zama marar iyaka.

Tsohon Akawu: Na karɓi gyara a kan notis. Amma Barista, maganar fansho a takarda take. Je ka zagaya kamfanonin Sharaɗa da Bompai ka ƙirga mini nawa ne ke biya wa ɗan gwaji.

Barista: Abin da ake yi daban, abin da doka ta ce daban. Shi ya tambayi yadda zai yi daidai ne.

Ummu Hanan: Ku bar ni in faɗi ta ɓangaren wanda ake yi wa. Na yi aikin karɓar kuɗi a wani babban kanti, gwajin wata uku aka ce. Da suka cika aka ce a ƙara uku, ba a faɗa mini laifina ba, "muna dai dubawa" kawai. Da shida suka cika aka sake ƙarawa. A wata na takwas na sami wani wurin na tafi, ranar ne manaja yake ce mini ai dama gobe za a ba ni takardar. Tun daga ƙarin farko zuciyata ta bar wurin, aikin nake yi amma kullum ina tura takardun neman aiki. Malam Manaja, ranar da kuka ce wa yaron nan an ƙara masa wata uku, ka sa a ranka ya fara neman wani wurin. Kuma in faɗi abin da kowa ke kewaye-kewaye a kai: ₦30,000 sau uku ₦90,000 ne. Ka tabbata ba shi ogan yake hange ba?

Manajan Depo: Malama, ba zan shiga zuciyar mutum ba. Amma ya ambaci cewa kasuwa ba ta tafiya a watannin nan.

Maman Ilham: To in kasuwa ce matsalar, wannan wata magana ce daban, a zauna da yaron a yi ta da sunanta. Kada a lulluɓe ta da rigar "aikinka bai gamsar ba", don zai gane, sauran ma'aikata ma za su gane.

Ni ma'aunina ɗaya ne a kan ƙarin gwaji. Ka iya rubuta, a jimla ɗaya, tambayar da har yanzu ba ka da amsarta a kan mutumin nan, kuma ƙarin lokaci zai amsa ta? In ka iya, ƙari ya halatta, kuma tsawonsa shi ne daidai lokacin da amsar ke buƙata. In ka kasa rubutawa, to ka riga ka san amsar, kana dai jin nauyin faɗa ne: ko ya dace a tabbatar da shi, ko bai dace ba a rabu lafiya. Ƙari ya fi dacewa da wanda ya yi doguwar jinya a cikin gwajin, ko wanda kamfani bai ba shi kayan aiki a kan lokaci ba, ko wanda yake hawa amma bai kai ba. Wanda ake zargi da hannu kuwa ba a ƙara masa gwaji. Ba ka bar wa wanda kake zargi makullin sito wata uku don ka gani.

Malam Na Sakatariya: Mu a aikin gwamnati shekara biyu ake yi kafin a tabbatar da mutum, kuma sai ka ci jarrabawar tabbatarwa. Ni tawa takardar ma ta wuce shekara biyun sosai, fayil ɗina ya kwanta a teburin wani. Ban ga abin tashin hankali a wata shida ba. Yaran yanzu gaggawa ta yi musu yawa.

Ummu Hanan: Baba, ku a gwamnati ana rage muku kashi ɗaya cikin huɗu na albashi har sai takardar ta fito? Kuma ana iya ce muku kada ku zo mako mai zuwa?

Malam Na Sakatariya: A'a, albashin matakinka kake karɓa. To, na ga bambancin. Amma duk da haka haƙuri ba ya ɓaci.

Manajan Depo: Jama'a na dawo. Na bi shawarar Hajiya, ni da akawu mun zauna da takardun wata biyun ƙarshe.

Katan shida na watan nan: huɗu taliya ce da wani ɗan sari ya dawo da ita saboda ruwa ya taɓa kwalayen. Akawu ya mayar wa mutumin kuɗinsa ya kuma mayar da katan huɗun cikin lissafin kwamfuta, shi kuma yaron ya ware su a lungu wajen ƙofar baya, bai sa su a ƙirga ba don a ganinsa ba kayan sayarwa ba ne. Suna nan, na gan su da idona. Ba mu da takardar kayan da aka dawo da su, ba wanda ya taɓa gaya masa yadda ake yi da su. Sauran biyun sabulu ne, kuma su ba mu gano inda suka shiga ba.

Tara na wata na biyu: biyar webil ne da aka shigar bayan an rufe wata, uku madara ce da aka rubuta ƙaramin gwangwani a layin babba, ɗaya ba a gano ba.

Amma ga abin da ya fi damuna. Sakin kaya ba sa hannu ba sau ɗaya ba ne, sau biyu ne. Na biyun bayan na yi masa magana ne a kan na farko. Duka biyun ƙanin oga ne ya kira shi a waya ya ce ya loda wa mota takarda na nan tafe. Takardun sun zo daga baya, ba a yi asara ba. Na farkon katan 60 ne na sukari, na biyun 85 na man girki.

Ɗan Singa: To ai ni nan na sauka daga maganata ta farko. Katan uku a cikin wajen 8,000 na wata biyu? Wallahi a kasuwa 'yan dako kaɗai sun fi haka ɓarna. Sai dai maganar ƙanin oga, wane yaro ne ɗan wata biyu a wurin aiki zai ce wa ƙanin mai gida a'a? Ko kai manaja sai ka yi tunani.

Alhajin Sufuri: Ni kuma nan ne na ga dalilin ƙarin. Ina da motoci da ɗan sito na kayan gyara, na san abin nan. Aikin mai sito ba ƙirga ba ne kawai, kowa zai iya koyon ƙirga. Aikinsa shi ne ya tsaya a bakin ƙofa ya ce ba takarda ba kaya, ko waye. An yi masa magana ya sake. Yau ƙanin oga ne da gaske, gobe wani ne zai kwaikwayi muryarsa ko ya kira da sabon layi, katan 85 na mai su tafi. Nawa ne kuɗinsu? Ya fi albashinsa na shekara. Ga tambayar da Hajiya ta ce a rubuta a jimla ɗaya: zai iya hana kaya fita in babba ya matsa masa? Ba ku da amsarta. Sannan bai ga hada-hadar gab da azumi ba, lokacin da motoci ke layi kowa na ihu. A nan ake sanin mai sito.

Maman Ilham: Alhaji, tambayarka ta yi, na yarda tambaya ce ta gaske. Maganar azumi ce ban karɓa ba. Ranar da aka rubuta wata uku an san watannin da za su faɗo ciki. In aka ce sai ya ga azumi, gobe a ce sai ya ga damina, gwajin ba zai ƙare ba.

A kan ƙanin oga kuma, Malam Manaja, da ka yi masa magana karon farko me ka ce masa daidai? Ka ce "kada ka sake", ko ka ce "ko ƙanin oga ne ka hana, ka kira ni, ni zan tsaya maka"? Kuma shi ƙanin ogan an yi masa magana?

Manajan Depo: Na ce masa doka ita ce ba a sakin kaya sai da sa hannu. Ƙanin oga kuwa ba a ƙarƙashina yake ba, shi ke kula da manyan kwastomomi.

Maman Ilham: To ka gani. An ba yaro doka, an bar wanda ya fi shi ƙarfi yana karya ta ta waya. In kun ƙara masa wata uku ba ku taɓa wancan ba, abin da kuke gwadawa shi ne ko zai yarda ya ɓata da ɗan gida alhali takardarsa na hannun gidan. Mutumin da ke kan gwaji shi ne mafi raunin mai cewa a'a a duk kamfanin. Ni da ni ce, tabbatar da shi zan yi, in haɗa da takardar umarni mai sa hannun oga da kansa cewa ba wanda ke da ikon fitar da kaya ta waya. In ya sake bayan wannan, sai a ba shi kweri kamar kowane ma'aikaci.

Alhajin Sufuri: Hajiya, in ya sake bayan an tabbatar da shi, cire shi ya zama aiki. Yanzu ne ƙofar take a buɗe.

Barista: Alhaji, ba kamar yadda ake tsoro ba. A kamfani mai zaman kansa, wanda aka tabbatar ma ana iya rabuwa da shi in an bi notis ɗin da ke takarda. Sai dai Kotun Ma'aikata a shekarun nan tana son ta ga dalili mai tushe, ba "ba ma bukatarka" kawai ba. Mai umarni a rubuce da kweri a fayil yana da dalilinsa a hannu. Wanda ba shi da komai a rubuce shi ke shan wahala, ko a gwaji ko bayan gwaji.

Manajan Depo: To in oga ya dage a kan ƙarin fa? Yaya zan tsara zaman da takardar yadda ba za a cuci yaron ba?

Maman Ilham: Ka sanar da shi kwana biyu ko uku kafin zaman, ka ce ya zo da abin da yake ganin ya iya, da abin da ya hana shi aiki. Za ka ji abubuwan da ba ka sani ba. Kada ku zauna ku biyu kawai, a sami na uku, akawu ya isa, amma ba ƙanin oga ba. Kuma ka faɗi hukuncin a farkon zama. Na ga manajoji suna shafe rabin awa suna yabo, yaro ya saki jiki har yana murmushi, sai a ƙarshe a ce "amma". Wannan ya fi ciwo.

Sannan ka ajiye masa takardun da kuka bi da akawu a gabansa, ka nuna masa katan 14 ba a lissafa su a kansa ba, ka nuna masa ukun da ba a gano ba, ka ji ta bakinsa. Takardar ƙarin kuma kada ta wuce shafi ɗaya. Ta faɗi ranar da ƙarin zai ƙare, da kwanan wata, ba "har zuwa wani lokaci" ba. Ta faɗi abu biyu kacal da za a duba: ba kayan da zai fita ba webil mai sa hannu, kuma kowane webil ya shiga kwamfuta a ranar da kaya suka fita. In kana son adadi a kan giɓi, ka duba abin da tsohon mai siton yake samu a wata ka sa daidai da shi, kada ka nemi sifili daga sabo alhali tsohon bai taɓa kawowa ba. Ta kuma faɗi abin da kamfani zai yi nasa ɓangaren: takardar kayan da aka dawo da su, da umarnin nan na oga. A ƙarshe ta ce in ya cika waɗannan za a tabbatar da shi a ranar, kuma ba ƙari na biyu. Ya sa hannu, ya tafi da kwafinsa.

Tsawon kuma ba dole sai wata uku ba. Ƙirga ɗaya ta ƙarshen wata da 'yan ƙirge-ƙirgen mako sun isa su nuna maka. Mako shida ya wadatar. Duk Asabar ka ɗauki kaya iri biyar ku ƙirga tare, minti ashirin ne, ka rubuta abin da aka samu ku sa hannu. In ba za ka iya wannan zaman na mako-mako ba, kada ka ƙara, don ranar ƙarshe za ka sake tsintar kanka inda kake yau.

Ummu Hanan: A ƙara da maganar kuɗi. In ya ci gwajin, a biya shi bambancin tun daga ranar da wata ukun farko suka cika. A nan ne za a gane ko aikin ake dubawa ko ₦30,000.

Tsohon Akawu: Wannan kuma ba dole ba ne a doka, ko Barista?

Barista: Ba dole ba ne, sai in an rubuta. In an rubuta ya zama bashi.

Manajan Depo: Na gode ƙwarai jama'a, Allah ya saka da alheri. Na kai wa oga rahotona jiya, na rubuta a tabbatar da shi, na haɗa da bayanin katan-katan ɗin. Bai yarda ba, ya ce sau biyun nan sun tsaya masa a rai. Mun tsaya a kan mako shida maimakon wata uku, kuma ya amince in yaron ya cika sharuɗɗan a biya shi bambancin, wato ₦45,000. Umarnin hana fitar da kaya ta waya ya ce in rubuta in sa hannu ni, shi zai yi wa ƙaninsa magana a gida. Zaman da yaron ranar Laraba ne.

Maman Ilham: Mako shidan da biyan bambancin sun yi. Sa hannun ne bai kwanta mini ba. Takardar da manaja ya sa wa hannu ba ta ɗaure wanda ba ya ƙarƙashin manaja, kai da bakinka ka faɗa. Ka sake komawa, ko da a ƙasan naka sa hannun ne ya sa nasa.

Alhajin Sufuri: Ni kuma ina ganin hakan ma ya fi. In ƙanin ya sake kira a cikin mako shidan, a nan za a ga ko yaron zai tsaya.

Ummu Hanan: Alhaji, in ya tsaya ƙanin ya kai ƙararsa gida fa? Wa zai rubuta rahoton ƙarshe, kuma wa zai sa hannu?

Barista: Malam Manaja, ko ma yaya aka ƙare da sa hannun, ka sa a cikin takardar ƙarin cewa duk umarnin da ya zo masa ta waya ya turo maka shi kafin ya buɗe ƙofa, kuma yin hakan ba laifi ba ne. Sannan ka tabbata kwanan watan da ya rubuta kusa da sa hannunsa na ranar Larabar ne, kada a bari sai Litinin a cike.